Make ko do, take ko have: me ya sa yaro ke cinye takardar cike gurbi amma ya ci gaba da rubuta "I did a mistake"

Duk wanda ya taɓa koyar da Turanci, ko a sakandare ko a lesin na yamma, ya san takardar nan da ake bugowa a yi fotokwafi a raba wa ɗalibai, layi biyu ne, sama an rubuta *make* a hagu *do* a dama, ƙasa kuma an zubo kalmomi irin su *mistake*, *homework*, *money*, *business*, a ce yaro ya kai kowace gidanta. Wata kuma cike gurbi ce, a bar fili a ce saka *take* ko *have*. Yara su yi, a yi makin, wasu su ci takwas cikin goma, ticha ya ji daɗi. Bayan sati biyu ka ba su insha'i, sai ga *I did a mistake* da *I drank my medicine* sun dawo kamar ba a taɓa yin darasin ba. Mutane da yawa sai su ce ai yaran yanzu ne ba sa riƙe karatu, ni kuwa a ganina yawancin matsalar tana jikin takardar kanta, yadda aka gina ta.

Abin da ake so a koyar sunansa kolokeshan, wato kalmomin da suka saba tafiya tare a bakin masu harshe, ba don nahawu ya tilasta ba sai don haka aka taso aka ji ana faɗa. Kuma ba sabon abu ba ne ga Bahaushe ko kaɗan, don muna da namu jibgi. Ana cin tuwo ana shan kunu, toh wannan da sauƙi, za ka ce abu mai ruwa shi ake sha. Amma rake fa, da sai ka sa haƙori ka tauna, shan sa ake yi. Ana shan mangwaro ana cin ayaba. Ana shan taba, shan iska, shan wahala, shan duka, sannan ana cin bashi, cin amana, cin zaɓe, cin jarrabawa. Baƙon da ke koyon Hausa in ya ce "na sha bashi" ko "na sha amana" za ka gane abin da yake nufi sarai, ba ka da wata doka da za ka karanto masa, kawai dai kunnenka ya ce maka ba haka ake faɗa ba. Toh haka Bature yake ji in ka ce masa *do a mistake*. Harold Palmer, wanda ya koyar da Turanci a Japan, tun 1933 ya fitar da rahoto a kan irin waɗannan haɗe-haɗen, kuma matsayinsa shi ne a koye su a dunƙule kamar kalma ɗaya, kada a ce za a harhaɗo su daga gutsattsarinsu. Yau shekara casa'in da wani abu, yawancin takardun da muke rabawa akasin haka suke yi.

Bari mu ɗauki takarda guda mu bi ta daki-daki. A samanta akwai dokar da kowa ya sani: *make* na ƙirƙirar abin da babu shi a da ne, *do* kuma na aikata aiki ne. Sai tambayoyi goma:

1. ___ a mistake
2. ___ your homework
3. ___ the bed
4. ___ a cake
5. ___ damage
6. ___ an effort
7. ___ a drawing
8. ___ business
9. ___ money
10. ___ me a favour

A ce yarinya ce mai ƙoƙari, ta haddace dokar kuma da ita take aiki tsakani da Allah. Ta biyu za ta sa *do*, daidai. Ta huɗu *make*, daidai, don kek haɗa shi ake yi. Ta takwas da ta tara ma za ta iya samun su. Yanzu a duba sauran. Ta ɗaya, kuskure ai ba wani abu ne ka ƙera ba, aikata shi ka yi, sai ta sa *do*, alhali *make* ne. Ta uku, gyaran gado aikin gida ne kamar wanke-wanke, kuma wanke-wanke *do the dishes* ne, sai ta sa *do*, nan ma ta faɗi don *make the bed* ake cewa, duk da ba kafinta ba ne mutum, zanin gado kawai ya shimfiɗa. Ta biyar, ɓarna abu ne da ya samu wanda da babu shi, doka ta ce *make*, Turanci ya ce *do damage*. Ta shida, ƙoƙari aiki ne zalla babu abin da aka ƙirƙira, amma *make an effort* ne. Ta bakwai ita ce ta fi ban haushi, zane ƙirƙira ne ƙarara, ta sa *make*, takardar amsa ta ce *do a drawing*, ticha ya ja mata jan biro, alhali *make a drawing* ma ana faɗa, ba kuskure ba ne. Ta goma kuwa canki-canka ce. Kenan yarinyar da ta bi doka sau da ƙafa za ta tashi da huɗu ko biyar cikin goma. Na san na zaɓo masu taurin kai da gangan, amma ka duba kowace takarda irin wannan, su ɗin dai su ne ke cikinta, don su ne aka fi amfani da su a magana.

Yanzu ga wani yaro a bayan aji da bai ma saurari dokar ba, ya bi layi ya zuba *do* daga sama har ƙasa. Ta 2, ta 5, ta 7, ta 8, ta 10 duk ya ci. Biyar cikin goma, daidai da mai bin doka ko ma ya fi ta. Wannan shi ne abu na farko da ya kamata ticha ya riƙe: in zaɓi biyu ne kawai, rabin maki kyauta ne, don haka wanda ya ci bakwai cikin goma ba lallai ya san bakwai ba, ƙila huɗu ya sani ya canki sauran shidan ya dace da uku. In kuma takardar irin ta haɗa-da-layi ce ko ta jera kalmomi a rukuni, abin ya fi muni, don yara suna lissafi, in sun ga gefen *make* ya cika sai su tura ragowar gefen *do*.

Ba kuma haka kawai yaron nan ya zaɓi *do* ba. Ka mayar da goman nan Hausa ka gani: yi kuskure, yi aikin gida, gyara gado, yi kek, yi ɓarna, yi ƙoƙari, yi zane, yi kasuwanci, yi kuɗi, yi alfarma. Tara cikin goma "yi" ne. Tun firamare kuma an dasa masa cewa "yi" shi ne *do*. Saboda haka kuskuren mai jin Hausa ba ya rabuwa biyu daidai, gefe ɗaya ya fi karkata, zai sa *do* a wurin *make* fiye da yadda zai sa *make* a wurin *do*. Za ka ji *do a mistake*, *do noise*, *do a promise*, *do an effort*, amma da wuya ka ji ɗan Kano ya ce *make my homework*. 'Yan'uwanmu na Maradi da Damagaram da suka bi ta Faransanci su ma aikatau ɗaya suke da shi a can, *faire*, wanda ya haɗe duka biyun, sai dai inda za su karkata ya danganta da wanda aka fara koya musu a matsayin fassararsa. Takardar da aka sauko da ita daga intanet ba ta san wannan ba, an yi ta ne don kowa da kowa, rabi *make* rabi *do*, kenan rabin lokacin ajin ya tafi a kan abin da yaranka dama ba za su kuskure ba.

Batun *take* da *have* ya ɗan bambanta, kuma a nan ne takardun suka fi yin zalunci wajen maki. A kan Bahaushe *take* ɗauka ne, *have* kuma mallaka, "ina da". Inda Hausa ta ce ɗauka kuma Turanci ya ce *take* babu rigima, ɗauki hoto *take a photo*, ɗauki mataki *take a step* ko *take action*, ɗauki lokaci *take time*, waɗannan ko ba a koyar ba za su zo da kansu. Rigimar tana wurin *have* da ba mallaka ba. *Have lunch*, *have a bath*, *have a chat*, *have an accident*, *have a dream*, a Hausa ci ne da yi, cin abincin rana, yin wanka, yin hira, yin hatsari, yin mafarki, babu "ina da" ko ɗaya a ciki, shi ya sa yaro ba ya kawo *have* a ransa sam, sai ya ce *I did an accident* ko *I did a dream*. Akwai ɗan gwajin da ke raba *have* ɗin biyu, wanda ya cancanci minti biyar a allo: na aiki yana karɓar *-ing*, na mallaka ba ya karɓa. *I am having lunch* daidai ne, *I am having a car* ba daidai ba ne a Turancin da ake jarrabawa da shi, duk da kullum muna jin sa a titi.

In ana son wani abu mai kama da doka a nan, ga iyakar abin da za a iya cewa. Abin da ya faɗo wa mutum ba da nufinsa ba *have* ne, hatsari, mafarki, ciwon kai, matsala. Abin da ake yi da wani ma yawanci *have* ne, hira, gardama, taro, biki, ba wanda ke cewa *take a conversation*. Abinci ma haka, *have breakfast*. Abin da mutum ya ƙudura ya yi da gangan kuma ya fi son *take*, kamar *take a risk*, *take a taxi*, *take medicine*, wanda shi ne "sha" ɗinmu ke jawo *drink*, alhali ƙwaya ba a ce mata *drink*. Amma akwai fili babba a tsakiya inda duka biyun daidai ne: *bath*, *shower*, *rest*, *break*, *look*, *nap*, *seat*. Mutumin Ingila ya fi cewa *have a bath*, Ba'amurke ya fi cewa *take a bath*, shikenan bambancin. Toh ka ga takardar da ta rubuta "___ a shower" ta ce amsa ɗaya ce, wanda ya rubuta ta Turancin garinsu kawai ya sa, kai kuma ka zo ka kayar da yaro a kan abin da ya faɗa daidai. Wani lokacin ma makaranta ɗaya, littafin aji na Ingila, takardar da aka bugo daga intanet ta Amurka, yaro ya rasa wa zai bi.

Sai kuma inda duka biyun daidai ne amma ma'anar ta canza, wannan takardar layi biyu ba ta da inda za ta ajiye shi kwata-kwata. *I have an exam tomorrow* yana nufin akwai jarrabawa a gabana, *I am taking an exam* yana nufin ina zaune ina yin ta. *Have a chance* samun dama ne, *take a chance* yin kasada ne. Kalmar *time* ma ta isa misali ita kaɗai don duka huɗun suna shiga: *have time* kana da lokaci, *take time* abu ya ci lokaci, *make time* ka matsa ka nemo lokaci duk da ayyuka sun yi maka yawa, *do time* kuwa zaman gidan yari ne. In ka ba yaro "___ time" babu jimla ka ce ya cike, me kake so ya sa? Kuma tunda an zo kan jarrabawa, mu a nan *write an exam* muke cewa kamar yadda Hausa ke cewa rubuta jarrabawa, kuma ba mu kaɗai ba, a Indiya da Afirka ta Kudu da Kanada ma ana faɗa, amma a Ingila *sit* ko *take* ko *do* suka saba, a Amurka kuma in ka ce *write an exam* za a iya ɗauka kai ne malamin da ya tsara tambayoyin. Ni ba na ganin hikimar a ce wa yaro abin da duk garinsu ke faɗa kuskure ne, gara a ce masa wannan namu ne, wancan shi za ka gani a littafi da zaɓin amsar WAEC ko NECO ko JAMB, ka riƙe duka.

Abin da ya fi damuna dai ba makin ba ne, abin da canki ke bari a kan yaro ne. A 2014 Frank Boers da abokan aikinsa, cikinsu akwai Averil Coxhead da Stuart Webb, sun wallafa bincike a kan ainihin irin waɗannan atisayen na aikatau da suna, na haɗa-da-layi, na saka aikatau a gurbi, na ja layi ƙarƙashin wanda ya dace, da kuma wanda ake ba ɗalibi haɗin a dunƙule ya saka shi cikin jimla. Sun gwada ɗalibai kafin atisayen da kuma bayansa. Ƙaruwar da aka samu 'yar kaɗan ce, kuma abin lura shi ne amsar da ɗalibi ya canka ba daidai ba lokacin atisayen tana iya sake fitowa a gwajin baya duk da an yi masa gyara, har akan samu wanda da ya san amsar daidai amma atisayen ya rikita shi. In ka yi tunani abin ba mamaki. Yaro ya zauna ya yi nazari, ya yanke cewa *do an effort* ne, ya rubuta da hannunsa, ya kalle shi minti goma, kai kuma gyaranka daƙiƙa uku ne, "lamba shida *make*", a wuce. Wanne zai fi zama? Ga shi kuma *make* da *do* a irin wannan wuri kusan ba su da ma'anar kansu, sunan ne ke ɗauke da ma'anar duka, *make a decision* ai *decide* ne kawai, don haka babu wani abin da ƙwaƙwalwa za ta kama ta ce wannan ne ba wancan ba. Jera su gefe da gefe a rana ɗaya kuma ƙara cakuɗa su yake yi, daga baya yaro zai tuna cewa *effort* yana cikin takardar nan ta *make* da *do*, amma a wane gefe yake, oho.

Kada a ce matsalar ta 'yan ƙananan aji ce. Nadja Nesselhauf ta bi rubutun Jamusawa ɗaliban jami'a da suka yi nisa a Turanci, Batia Laufer da Tina Waldman kuma a 2011 suka bi na masu jin Ibrananci a matakai daban-daban, duka biyun sun tarar kusan kashi ɗaya cikin uku na irin wannan haɗin na aikatau da suna da ɗaliban suka rubuta akwai matsala a ciki, kuma harshen uwa na da hannu a kaso mai yawa na kurakuran. Dalilin da ya sa abin ke daɗewa shi ne ba ya hana fahimta. In yaro ya karanta *she made a mistake* ya gane nan take, idonsa a kan *mistake* yake, bai ma lura da *made* ba, sai ranar da zai rubuta da kansa sannan ya laluba ya ji babu komai, sai Hausa ta miƙo masa "yi".

Akwai kuma abin da takardar ke ba yaro kyauta ba tare da an lura ba. A "___ a mistake" an riga an sa masa *a*, a "___ damage" an riga an cire masa, a "___ the bed" an sa masa *the*. Bai taɓa zaɓar su da kansa ba, shi ya sa a insha'i za ka ga *make mistake*, *do a research*, *make a progress*, aikatau daidai amma haɗin ya karye. Kuma ƙaramin abin nan yana canza ma'ana, *make the bed* gyaran gado ne, *make a bed* kuma yana iya zama aikin kafinta. Haka wutsiyar da ke biyo baya, *take care of*, *take part in*, *have an effect on*, duk cikin haɗin suke. Sannan kusan kullum gurbin siffar aikatau ta asali yake nema, alhali a labari *made*, *did*, *took*, *had* za a buƙata.

Toh ya za a gina takardar? Ba cewa nake a daina cike gurbi ba, janyo abu daga ka yana ƙarfafa riƙewa, amma sai an zuba abin a kan tukuna. Matsalar ita ce muna ba da gwaji a matsayin darasi. Ni ga yadda nake ganin ya fi.

A fara daga suna, ba daga aikatau ba, don haka mai magana yake yi. Ba wanda ke tashi ya ce yau ina son in yi amfani da *make*, abin da ke ransa shi ne kuskure ko alƙawari ko hayaniya, aikatau ɗin yake nema. Ƙamus ɗin kolokeshan na Oxford da ya fara fitowa a 2002 ma haka aka tsara shi, ka buɗe *mistake* ka ga aikatau ɗin da ke tafiya da shi. Sai ka ɗebo sunayen daga littattafan insha'in yaranka, inda suka yi kuskure da gaske, kamar shida zuwa takwas a zama ɗaya, kar su wuce haka. A ce ka ɗauki *mistake*, *noise*, *promise*, *effort*, *accident*, *medicine*. Huɗun farko *make* ne, sauran biyun *have* da *take*, babu *do* ko ɗaya a ranar, da gangan, don ba ka son ya tsaya kusa da su.

Kashi na farko na takardar gajeren labari ne, jimla biyar ko shida, haɗin duk suna ciki a cike kuma an ja musu layi gaba ɗayansu har da *a* ɗin, misali *Musa had an accident on his way to school. He made a promise to ride slowly, and he took his medicine every night.* Yaro ya karanta, ya kwafe kowane haɗi a dunƙule, a gefensa ya rubuta Hausarsa, *have an accident* yi hatsari, *take medicine* sha magani. Wasu makarantu sun hana Hausa a ajin Turanci, na sani, amma a nan ita ce maganin, don sai yaro ya ga "sha" da *take* gefe da gefe sannan zai lura cewa ba *drink* ba ne, in ka ɓoye Hausar ba ta tafi ko'ina ba, tana nan cikin kansa tana aiki ba mai tsawata mata. Kashi na biyu sababbin jimloli ne masu gurbi, amma abin da zai saka haɗin ne gaba ɗaya daga akwati, kuma ya gyara lokacin aikatau ɗin, *made an effort*, *is making a noise*. A nan zaɓin da yake yi na ma'ana ne, ko ya kuskure bai ƙirƙiro haɗin banza ya rubuta ba. Kashi na uku a juya takardar ko a rufe saman, yanzu ne za a cire aikatau ɗin, kuma kar a ba shi zaɓi biyu, a bar gurbin haka nan, in ana jin tsoron zai yi wuya a sa harafin farko. A gaya musu wanda bai tuna ba ya ɗaga ya duba, kar ya canka. A yi gyaran nan take a ajin, kada a kwashe takardu a dawo da su bayan sati, kuma wanda ya kuskure ya sake rubuta jimlar duka, ba ya soke kalma ɗaya ya ɗora wata a sama ba.

Takardar *make* da *do* gefe da gefe tana da ranarta, amma can gaba, bayan kowane haɗi ya zauna shi kaɗai, a matsayin bita. Kafin ka buga kuma ka zauna ka gwada kowane gurbi da duka aikatau huɗun, in biyu sun shiga, ko ka ƙara wa jimlar bayani har ɗaya ya rage, ko ka rubuta duka biyun a takardar amsa. *Decision* misali, *make* ne aka fi ji amma *take a decision* Turancin Ingila ne lafiyayye. In kana shakka kuma akwai data a wayarka, buɗe Google Books Ngram Viewer ka rubuta `have a bath,take a bath`, ka zaɓi Turancin Ingila ka duba, ka koma na Amurka ka sake dubawa, za ka ga yadda layukan ke canzawa. Littattafai kawai yake ƙirgawa ba hirar baki ba, amma ya isa ya hana ka kayar da yaro a banza.

Sanin ko abin ya zauna kuwa ba a makin takardar ranar ake gani ba. Bayan kwana biyu ko uku ka faɗi Hausar da baki, "ya yi alƙawari", su rubuta Turancin, minti biyar kafin a shiga darasin ranar, bayan sati biyu ka sake, sannan ka ba su ɗan rubutun da dole sunayen su fito, kamar labarin ranar da aka yi hatsari a unguwarsu, ba tare da ka ambaci cewa kolokeshan kake nema ba. In ka ga *had an accident* ya fito da kansa, wannan ya shiga, ka cire shi daga jerin ka sa wani. In ka ga yaro ya kauce, ya rubuta *a car hit him* don kar ya taɓa haɗin, wannan ba kuskure ba ne amma bai nuna maka komai ba, sai ka sake jarraba shi ta baki. In kuma *did an accident* ya dawo, a mayar da shi kashi na farko a sabon labari, kada a sake ba shi gurbi tukuna. Da shida a sati, zangon karatu mai sati goma sha biyu zai ba ka wajen saba'in in ba a rasa sati ko ɗaya ba, kuma da yake waɗanda "yi" da "sha" da "ci" ke jawo wa matsala ne ka zaɓa, ba sai ka ɓata ko ɗaya a kan *take a photo* ba.